Yadda ake hana iyafis tsalle tsakanin waya da laftof

Kana sauraron lacca ko kallon bidiyo a laftof, iyafis ɗin bulutut a kunne, sai sauti ya ɗauke ɗif na daƙiƙa biyu ko uku, ka ji ƙarar shigowar saƙo daga wayar da ke aljihunka, sannan muryar malam ta dawo bayan ya wuce jimla biyu. Wani lokacin ma ba ta dawowa: sautin ya koma fita ta sifikar laftof, kowa a ɗakin ya ji abin da kake ji. Mutane da yawa a nan Sakkwato idan haka ta same su sai su yanke hukunci cewa iyafis ɗin ya lalace ko jabu aka sayar musu, su koma wurin mai shago da ƙorafi. Mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau. Na'urori biyu ne suke riƙe da shi a lokaci guda, kowacce tana jin tana da ikon yin magana, kuma babu wanda ya raba musu aiki.

Kafin a taɓa wani saiti, sai an fahimci bambanci tsakanin tunawa da haɗuwa. Ranar farko da ka haɗa iyafis da wayarka, su biyun suna ajiye wani mabuɗin sirri, daga nan kowanne ya san ɗan'uwansa. Iyafis yana iya tuna na'urori da dama ta wannan hanya, wasu har takwas. Amma tunawa daban, kasancewa a haɗe a yanzu daban. Iyafis mai sauƙin kuɗi galibi yana haɗuwa da na'ura ɗaya tak a lokaci guda. Wanda ya ɗan fi shi yana da abin da ake rubutawa a kwali ko a manhaja da Multipoint ko Dual connection, wato yana riƙe waya da laftof tare. Ko shi ma ba ya haɗa sautin biyun ya zuba maka a kunne. Ɗaya yake saki, ɗayar tana jira. Duk lokacin da mai jiran ta yi motsi, sai ya yanke shawara ko ya juya gare ta, kuma wannan juyawar ita ce shirun da kake ji.

Kiran waya ne ke gaban komai a wannan tsari, kuma haka ya dace. Matsalar ita ce iyafis ba ya iya bambance waƙa ko lacca da ƙarar danna madanni. A wurinsa duka sauti ne da na'ura ta buɗe hanya don turowa. Ƙarar alat na banki, ƙarar kulle fuskar waya, ƙarar da waya ke yi idan an kawo wuta caji ya kama, bidiyon da ke kunna kansa a Facebook yayin da kake wucewa da yatsa, duk suna iya fizge shi daga laftof.

Fara da gane irin yankewar

Yankewa iri uku ce ke kama da juna a kunne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, don haka gwajin farko shi ne mafi muhimmanci. Kashe bulutut na waya gaba ɗaya, ka bar iyafis da laftof kawai, ka saurari wani abu na minti goma zuwa sha biyar a wurin da ka saba zama. Idan yankewar ta tafi, to tsalle ne tsakanin na'urori biyu. Alamarsa shiru ne tsaf, mai farko da ƙarshe, sau da yawa tare da 'yar ƙara ko muryar iyafis tana sanar da haɗuwa.

Idan kuma har yanzu sautin yana karyewa gutsi-gutsi, kamar rediyon da tasha ta yi masa nisa, ko kunne ɗaya ya ɗauke ɗayan ya ci gaba, wannan cunkoson iska ne, ba tsalle ba. Iri na uku shi ne sauti bai yanke ba amma ya canza: muryar ta dushe, ta zama siririya irin ta kiran waya, kuma duk abin da ka kunna a waya ba ya shigowa sam. Wannan aikin makirfo ne, kuma laftof ne ke jawo shi.

Raba musu aiki: waya ta riƙe kira, laftof ya riƙe sauti

Wannan mataki shi kaɗai yana warware matsalar yawancin masu wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung. Bulutut yana da hanya biyu daban tsakanin waya da iyafis. Ɗaya sunanta A2DP, ita ke ɗauke da waƙa, bidiyo da ƙararrakin saƙo, kuma zuwa kunne kawai take tafiya. Ɗayar HFP, ita ce ta kira, mai kai murya da dawo da ita. Android yana ba ka damar rufe ɗaya ka bar ɗaya.

Shiga Settings, ka je Bluetooth ko Connected devices, ka danna alamar saiti da ke gefen sunan iyafis ɗinka. Za ka ga maɓallai biyu: Phone calls da Media audio. A wayoyin Samsung an rubuta su Calls da Audio. Kashe na biyun, ka bar na kira a kunne. Daga nan wayar ba ta da ƙofar da za ta turo ƙarar saƙo ko bidiyo, amma idan an kira ka, kiran zai shigo kunnenka, ka amsa, ka gama, sautin laftof ya dawo. Kiran WhatsApp ma ta hanyar kira yake bi, don haka shi ma zai shigo.

Akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka ji kunya a cikin jama'a. Muddin Media audio yana kashe, saƙon murya da ka danna a WhatsApp ta sifikar waya zai fita, ko da iyafis yana kunnenka. Idan ka tashi daga aiki za ka shiga keke napep kana son sauraron karatu ko waƙa a waya, sai ka koma ka kunna maɓallin. Daƙiƙa biyar ne aikin, kuma a ganina ya fi zama kana rasa rabin jimlar malami duk lokacin da aka yi magana a guruf ɗin dangi.

Wanda ba ya son wannan kashe-kunna yana iya rage masu fizgar maimakon rufe ƙofar. A Settings, sashen Sound, akwai Touch sounds, Screen locking sound, Dial pad tones da Charging sounds, duk a kashe su, a kuma kashe ƙarar madannin rubutu. Na caji yana da muhimmanci a wurinmu, domin wayar da ke jone a soket tana yin ƙara duk lokacin da wuta ta dawo ko aka tayar da janareta. Sai a sa wayar a yanayin shiru ko girgiza lokacin aiki. Masu manhajar kiran salla su lura cewa ita ma sauti ce, kuma za ta iya karɓe iyafis idan lokaci ya yi. Wasu haka suke so, kuma babu laifi, in dai sun san ba lalacewa ba ce.

A iPhone babu maɓallin raba kira da sauti. Abin da ke aiki shi ne sa ta a shiru ko kunna Focus. Idan AirPods ne na asali tare da laftof ɗin Mac, tsallen daga wani wuri daban yake zuwa: tun 2020, da fitowar iOS 14 da macOS Big Sur, na'urorin da ke kan asusun Apple ɗaya suna miƙa wa juna AirPods da kansu. Don tsayar da shi, sa AirPods a kunne, ka shiga Settings, Bluetooth, ka danna alamar i a gefen sunansu, ka shiga Connect to This iPhone, ka canza daga Automatically zuwa When Last Connected to This iPhone. A Mac ma akwai irinsa, Connect to This Mac, kuma sai an canza a duka biyun kafin a huta. Galaxy Buds suna da makamancin wannan tsari tsakanin na'urorin da ke kan asusun Samsung ɗaya, ana samun maɓallinsa a manhajar Galaxy Wearable.

Ɓangaren laftof

Laftof ma yana fizga, kuma nasa ya fi wuyar ganewa domin sau da yawa ba ka jin komai. Ka kunna karatu a waya, ya yi minti ɗaya ya tsaya, ko ma ya ƙi fitowa ta iyafis, alhali laftof yana gefe shiru. Abin da ke faruwa shi ne wata manhaja ko wani shafi a burauza ya buɗe hanyar sauti ya ƙi saki. Don ganin ko wane ne, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
sndvol
```

Akwatin da zai buɗe yana jera manhajojin da suka kama sauti, kuma wadda ke turowa a yanzu za ka ga koren layi yana motsi a wurinta. WhatsApp na burauza, shafin Facebook da aka manta a buɗe, shafin labarai mai tallar bidiyo, su ne aka fi kamawa. Rufe shafin gaba ɗaya ya fi rage masa ƙara, domin shafin da aka rage wa ƙara yana iya ci gaba da riƙe hanyar.

Sai ƙararrakin Windows kansa, irin wanda yake yi idan ka soka filashi ko saƙo ya faɗo. A wannan akwatin na Windows da R, rubuta:

```
mmsys.cpl
```

Je shafin Sounds, a ƙarƙashin Sound Scheme ka zaɓi No Sounds, ka danna Apply. Kada ka rufe akwatin tukuna, domin a nan ne maganin matsala ta uku yake.

Hanyar bulutut ta gargajiya ba ta iya ɗaukar sauti mai kyau da makirfo a lokaci guda. Da zarar Zoom, Google Meet ko Teams sun buɗe makirfon iyafis, sai haɗin ya sauka daga A2DP zuwa HFP, sautin ya zama na layi ɗaya mai ƙarancin tsabta, shi ya sa murya ke dushewa. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne iyafis yana ɗaukar wannan yanayi a matsayin kira, kuma kira ba ya ba kowa hanya. Ko ka danna alamar yin shiru a cikin taron, manhajar tana riƙe da makirfon, don haka wayarka tana waje. Wasu manhajojin ma sukan ci gaba da riƙe shi bayan an tashi daga taro, har sai an rufe su daga ƙasan allo kusa da agogo.

Gyaran shi ne ka raba kunne da baki. A cikin saitin sauti na Zoom ko Meet, a wurin Speaker ka zaɓi iyafis, a wurin Microphone ka zaɓi makirfon laftof, wanda sau da yawa sunansa Microphone Array. A Windows 10 iyafis ɗaya yana bayyana da suna biyu, ɗaya mai Stereo, ɗaya mai Hands-Free AG Audio. Mai Stereo za ka zaɓa. Windows 11 ya haɗe su wuri ɗaya yana canzawa da kansa, don haka a can zaɓen makirfo ne kawai ke hannunka. Idan kana so kada wata manhaja ta sake kamo makirfon iyafis bisa kuskure, koma akwatin da muka bari a buɗe, shafin Recording, ka danna dama a kan Headset, ka zaɓi Disable. Iyakar wannan dabara ita ce makirfon laftof yana kwasar ƙarar fanka da janareta fiye da wanda ke kusa da bakinka. A ɗaki mai hayaniya, idan kai ne mai gabatar da bayani, gara ka bar makirfon iyafis ya yi aikinsa, ka kashe bulutut na waya har a gama.

Idan cunkoson iska ne

Bulutut yana aiki a zangon gigahaz 2.4, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya don kauce wa hayaniya. Waifai na yau da kullum ma a wannan zango yake. Iyafis kuwa rediyo ɗaya gare shi, ƙarami, mai ɗan batir. Idan yana riƙe da na'urori biyu, dole ya riƙa raba lokacinsa, kamar mai shayi ɗaya da ke kula da benci biyu: yana zuba wa wannan, yana waiwayen wancan. A iska mai tsabta ba ka jin bambanci. Idan iskar ta cika, wasu gutsattsarin sauti suna ɓata a hanya, ana buƙatar sake turo su, kuma lokacin da za a yi hakan shi ne aka riga aka raba.

Abin da ya fi cika iskar a wurinmu shi ne hotsifot. Yawancinmu da datar waya muke kunna laftof, kuma a wayoyi da laftof da yawa waifai da bulutut eriya ɗaya suke rabawa. Ke nan waya tana tura bidiyon lacca zuwa laftof ta 2.4, laftof yana tura sautinsa zuwa iyafis ta 2.4, waya kuma tana riƙe da iyafis ɗin ta 2.4. Idan wayarka tana da zaɓi, shiga saitin hotsifot ka nemi AP band ka mayar da shi 5 GHz. A iPhone 12 zuwa sama, kashe Maximize Compatibility shi ke yin wannan. Tsofaffin laftof wasunsu ba sa ganin 5 GHz. Idan naka ya daina ganin hotsifot bayan canjin, mayar da shi yadda yake, ka ɗauko kebul ɗin caji ka jona waya da laftof, ka kunna USB tethering. Ni wannan na fi so ma, domin yana cire waifai daga lissafi gaba ɗaya, wayar kuma tana samun ɗan caji.

Jikin mutum yana shanye wannan zango sosai. Waya a aljihun baya na wando, ko a can cikin aljihun babbar riga ta ɗaya gefen, tana iya sa haɗin ya yi rauni har iyafis ya riƙa fama da shi. Ajiye ta a kan tebur. Filashi ko faifan ajiya na waje mai USB 3.0, wanda ake ganewa da shuɗin baki, shi ma yana fitar da hayaniya a wannan zango, don haka idan ɗan bulutut na sokawa kake amfani da shi, nisanta su. Masu iyafis mai LDAC, tsarin tura sauti mai inganci sosai, su sani cewa yana iya cin kilobit 990 a daƙiƙa, kusan ninki uku na SBC, tsarin da aka saba da shi, kuma shi ne farkon karyewa idan iska ta cika. A manhajar iyafis a zaɓi tsayayyen haɗi maimakon ingancin sauti.

Idan yankewar tana zuwa ne bayan an ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, danna Windows da R, ka rubuta:

```
devmgmt.msc
```

Buɗe Bluetooth, danna sau biyu a kan sunan adaftar, idan akwai shafin Power Management ka cire alama daga Allow the computer to turn off this device to save power. Ba kowane laftof ke nuna shafin ba.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ɗauki wata ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke zaune a Mabera, tana bin darasi ta Zoom da yamma. Laftof ɗinta na hannu ne mai Windows 10, wayarta Android, iyafis mai riƙe na'ura biyu, data kuma ta hotsifot. Ƙorafin da ta kai wa yayanta shi ne: "Yaya, abin ga shina yankewa kullum, kuma in an gama darasi ba ni jin komai a waya."

Ta kashe bulutut na waya, sai dogon shirun nan ya tafi, amma ƙananan karyewa suka rage, muryar malam kuma tana nan a dushe. Wannan ya nuna matsala uku ne a tare. Dogon shirun daga guruf ɗin ajinsu ne, inda ake ta turo saƙo yayin da take kallon bidiyon lacca kafin a shiga Zoom. Ta mayar da bulutut, ta kashe Media audio, ya tsaya. Dushewar murya da toshewar waya bayan darasi daga Zoom ne, wanda ya zaɓi Hands-Free AG Audio. Ta mayar da Speaker kan Stereo, Microphone kan na laftof, muryar ta buɗe. Laftof ɗin bai ga 5 GHz ba, sai ta koma kebul, ƙananan karyewar suka ragu har ba ta lura da su. Tsarin bin su ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa bayan kowane canji, shi ne ya sa aka san abin da kowane gyara ya gyara.

Iyafis mai na'ura ɗaya, da gidan caji

Wanda iyafis ɗinsa ba ya riƙe biyu shi ma yana ganin tsalle, amma ta wata hanya. Ka tashi daga laftof ka fita tsakar gida yin alwala, waya a aljihu. Bayan kimanin mita goma, ko ƙasa da haka idan akwai bango, haɗin laftof ya tsinke, iyafis ya shiga neman wanda ya sani, ya samu waya. Ka dawo ka zauna, laftof ba zai iya ƙwato shi ba domin gurbin ɗaya ne kuma an cike shi. Sai ka danna Disconnect a waya, sannan Connect a laftof. A Windows 10 maɓallin Windows da K yana kai ka wurin da sauri, a Windows 11 kuwa Windows da A. Idan tsofaffin wayoyi da laftof ɗin 'yan gida duk sun taɓa haɗuwa da shi, kowannensu yana iya kama shi da safe kafin kai. A danna Forget ko Remove device a kansu, sannan a share ƙwaƙwalwar iyafis ɗin yadda takardarsa ta nuna, galibi ta riƙe maɓallin gidan caji na daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a sake haɗa shi da na'urorin da ake so kawai.

Akwai kuma tsallen da ke faruwa alhali iyafis yana cikin gidansa. An kira ka, ka ɗaga, ba ka jin kowa, domin kiran ya tafi cikin jaka. Yawancin iyafis suna gane sun koma gida ne ta ƙananan ƙarafan caji da ke taɓa juna. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna taruwa a kansu, taɓawar ta yi rauni, iyafis ya zaci an ciro shi ya farka ya nemi waya. Haka ma idan batirin gidan cajin ya ƙare ƙaf, da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi suna farkawa. Goge ƙarafan da busasshiyar auduga a kan tsinke, na jikin iyafis da na cikin ramin, kada ka sa ruwa. Bayan ka mayar da su, duba fitilar caji ta kama a kowane kunne kafin ka rufe, sannan ka leƙa jerin Bluetooth a waya ka tabbata sunan iyafis ɗin ya daina nuna Connected.